Monita biyu masu bambancin girma: me ke tare kibiyar maus, da me ke sa taga ta buɗe a inda ba a so

Tushen yawancin matsalar abu guda ne: Windows ba ta auna allo da inci ko santimita, da yawan fiksel take aunawa. Idonka yana ganin monita biyu a kan tebur, ita kuwa kwamfuta akwatuna biyu take gani, kuma kibiyar maus tana bin akwatunan ne, ba abin da ke kan teburin ba.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Babbar monita mai inci 27 da fiksel 2560×1440 tana hagu, ƙarama mai inci 24 da fiksel 1920×1080 tana dama, kwamfutar kuma Windows 11 ce.

Barin akwatunan yadda Windows ta ajiye su

Kuskuren farko shi ne a jona waya, hoto ya fito, a ɗauka an gama. Daga nan sai mutum ya tura kibiya dama ta ƙi ƙetarawa, sai ya tura ta hagu sannan ta ɓullo a monitar da ke dama. Kafin komai danna `Win + P` ka tabbatar kana kan `Extend`, domin `Duplicate` hoto ɗaya yake nunawa a fuskokin biyu. Sannan ka shiga `Settings > System > Display`, ka danna `Identify`. Lamba za ta bayyana a kowace monita. A wannan shafin kowace monita tana da akwatinta mai irin wannan lambar. Ja akwatunan su yi daidai da zaman monitocin a kan tebur, ka danna `Apply`. Mutane da yawa suna mantawa da wannan dannawa ta ƙarshe, sai su rufe shafin, gyaran ya tafi a banza.

Katangar da ba a gani

Nan ne aka fi shan wahala. Tsayin babbar monitar fiksel 1440 ne, na ƙaramar 1080, bambanci 360. Idan ka daidaita gindin akwatunan biyu, fiksel 360 na saman babbar ba su da maƙwabci. Kibiya ta zo wannan wuri, sai ta cije kamar ta ci karo da bango, har sai ka sauke ta ƙasa.

Abin da ke rikita mutane shi ne katangar ta fi abin da ido ke tsammani tsawo. Fuskar mai inci 27 tsayinta kusan santimita 33.6 ne, ta mai inci 24 kusan 29.9. A ido ratar ba ta kai santimita 4 ba. Amma fiksel 360 a babbar monitar kwata ne na tsayinta, wato kusan santimita 8.4. Don haka kibiya za ta maƙale a wurin da kake ganin ƙaramar monitar tana nan a gefe.

Dalilin shi ne fiksel ɗin babbar sun fi ƙanana: kusan 109 a kowane inci, na ƙaramar kuma kusan 92. Wannan ne kuma ke sa kibiya tsalle. Da gindin a daidai, idan ka ƙetara daga babbar zuwa ƙaramar ta ƙasa za ta wuce sumul, amma kana yin sama tana ƙara kaucewa, har a can ƙoli ta ɓullo fiye da santimita 4 sama da inda ta fita.

Jan akwati ba zai kawar da wannan gaba ɗaya ba. Abin da za ka iya shi ne ka zaɓi layin da zai yi daidai. A ganinmu tsakiya ta fi, domin a nan hannu ya fi zirga-zirga. Sa littattafai ko wani abin ɗorawa a ƙarƙashin ƙaramar monitar har tsakiyarta ta yi daidai da ta babbar, sannan ka ja akwatinta zuwa tsakiyar babban akwatin. Katangar za ta rabu biyu, fiksel 180 sama, 180 ƙasa, tsallen kuma ya ragu zuwa rabi. Don gwaji, ja wata taga ta hau kan iyakar monitocin biyu a daidai tsakiyar tsayinsu, ka duba ko layin samanta ya karye. Idan ya karye, matsa akwatin kaɗan, ka danna `Apply`, ka sake dubawa. Kada kuma ka bar akwatunan su haɗu ta kusurwa kawai, domin kibiya sai ta wannan 'yar ƙofa za ta iya bi.

A ƙarƙashin `Multiple displays` akwai `Ease cursor movement between displays`, wanda ya zo da Windows 11 22H2. Ka kunna shi. Idan kibiya ta isa katangar, zai tsallakar da ita zuwa ɗaya monitar maimakon ta cije. Mai son ƙetarawar ta bi ainihin girman fuskokin yana iya amfani da manhajar kyauta mai suna LittleBigMouse, wadda ke lissafi da tsayin monita na zahiri.

Rage fiksel don akwatunan su yi kai ɗaya

Wasu suna mayar da babbar monitar 1920×1080 domin akwatunan su daidaita. Katangar ta tafi, amma rubutu ya dusashe, domin 1080 ba ya raba 1440 daidai, dole monitar ta miƙe hoton. Bar `Display resolution` a kan wanda aka rubuta wa `Recommended`. Idan rubutu ya yi ƙanana, `Scale` za ka taɓa, kuma kowace monita da nata: danna akwatinta tukuna. A misalinmu, 125% a babbar da 100% a ƙaramar suna kawo girman rubutu kusa da juna. Sai dai ka sani, `Scale` ba ya canza girman akwatunan, saboda haka ba maganin katanga ba ne. Zai kuma sa taga ta canza girma yayin da kake jan ta daga wannan fuska zuwa waccan, wannan ba lalacewa ba ce.

Taga ta buɗe a wata monitar

Lamba 1 da `Identify` ke nunawa ba ita ke nufin babbar fuskar aiki ba. Danna akwatin monitar da kake so, ka sa alama a `Make this my main display`. A nan sababbin manhajoji da yawancin wasanni masu cika allo za su riƙa buɗewa.

Manhajoji da yawa kuma suna tuna wurin da aka rufe su. Idan wata ta dage tana buɗewa a inda ba ka so, rage ta daga cika allo, ja ta zuwa monitar da kake so, ka rufe ta a can tana a rage, sannan ka sake buɗewa. Idan ka rufe ta tana cike da allo, wasu tsohon wurin suke riƙewa.

Mai aiki da laftop da monita ta waje ya san abin da ke faruwa idan aka ɗauke wuta: monitar ta mutu, laftop ta ci gaba da batir, tagogin duk su tattaru a ƙaramar fuska. Kunna `Remember window locations based on monitor connection`, idan wuta ta dawo za su koma mazauninsu. Ka daure ka riƙa jona wayar a rami ɗaya kullum, domin canza rami yakan sa Windows ta ɗauka sabon tsari ne, ta sake jera akwatunan. Idan kuma taga ta ɓace gaba ɗaya alhali tana buɗe, zaɓe ta da `Alt + Tab`, ka danna `Win + Shift + ←` ko `Win + Shift + →`, za ta dawo fuskar da ke gabanka.