Farcen da ya shige cikin nama: abin yi a gida

Yawanci babban yatsan ƙafa ne ke kamuwa. Gefen farce ya nutse cikin fata saboda an yanke shi ƙasa sosai, ko an zagaye kusurwarsa da reza, ko takalmi sau-ciki ya matse shi.

Da farko a zuba ruwa mai ɗumi a roba, a sa gishiri cokali ɗaya cikin lita guda, a jiƙa ƙafar minti 15, sau uku a rana. Ruwan yana tausasa fatar. A tsane ta da tawul mai tsabta, a tura fatar gefen farcen baya a hankali da auduga, a shafa basilin, a rufe da bandeji. A koma silifas, a riƙa canza bandejin kullum, musamman da ƙurar hunturun Gombe. Farasitamol ya isa rage zafi.

Don Allah kada a ba mai yankan farce na kasuwa ya tono kusurwar. Yakan bar tsinin farce a ciki, ya ƙara huda naman, ga haɗarin cuta daga wuƙar da aka yi wa wasu aiki da ita. Idan farcen ya tsiro, a yanke shi miƙe.

A tafi asibiti idan an ga mugunya, ko tsiron nama mai zub da jini, ko ja da kumburi suna haurawa, ko zazzaɓi, ko kwana uku babu sauƙi. Mai ciwon suga, ko wanda ƙafarsa ta daina ji, ya tafi ranar farko, domin ƙaramin rauni kan zame masa gyambo.