Masu sayarwa ta waya, ku kula da wannan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata maƙwabciyata a Mabera mai sayar da atamfa ce abin ya faɗa wa. Kayan naira 45,000 ne, sai mai saye ya turo alat na 145,000, ya kira hankali tashe wai kuskure ne, don Allah ta maida masa 100,000 yanzu, mahaifiyarsa tana asibiti. Tausayi ya kama ta, ta tura. Ashe alat ɗin na bogi ne, ko sisi bai shigo ba.

Kada ku yarda da saƙon tes ko hoton rasit, ku buɗe manhajar banki ku duba balans da idonku. Ko kuɗin sun shigo, wani lokaci na sata ne, a iya rufe muku asusu. Ku ce ya kai ƙorafi bankinsa su janye, musamman in ya ba da wani asusu daban.