Tsinken gwajin fitsari da jadawalin zafin jiki: kurakuran da aka fi yi wajen gano kwanakin ɗaukar ciki

Tsinken gwajin sakin ƙwai da jadawalin zafin jiki ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, kuma yawancin kurakuran da mata ke yi sun samo asali ne daga tambayar ɗaya abin da ɗayan ne kaɗai ya san amsarsa. Tsinken yana neman sinadarin LH a cikin fitsari, wanda yakan hauhawa awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fito, don haka albishir yake yi da abin da ke tafe. Zafin jiki kuwa ba ya tashi sai bayan ƙwan ya fito, lokacin da gurbin da ya bari ya fara fitar da sinadarin furojestaron, wanda ke ɗaga zafin da kamar digiri 0.2 zuwa 0.5 a ma'aunin Salshiyas. Jadawali, wato takardar da ake rubuta awon zafin kowace safiya, shaida ce a kan abin da ya riga ya wuce.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne jawo asarar watanni, shi ne jiran zafin jiki ya tashi kafin a sadu. Ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai bayan fitowarsa, alhali maniyyi yana iya kai kwana 5 a jikin mace idan ruwan bakin mahaifa ya yi kyau. Kwanakin ɗaukar ciki ke nan kusan shida ne, wato kwana biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitar kanta, kuma mafi ƙarfinsu su ne kwana biyu na kafin fitar. A lokacin da jadawali ya nuna hawan zafi sarai, dama ta riga ta wuce a wannan watan. Amfaninsa shi ne ya koya wa mace al'adar jikinta cikin wata biyu ko uku, domin ta san lokacin da za ta fara sa ido a wata mai zuwa.

Mu ɗauki misalin matar da hailarta ke zagayowa duk kwana 32. Ta ji ana cewa ƙwai yana fita a rana ta 14, sai ta riƙa gwaji daga rana ta 11 zuwa ta 15, tsinkayenta biyar su ƙare ba ta ga komai ba, har ta fara zargin ba ta sakin ƙwai. Lissafin rana ta 14 na mai zagayen kwana 28 ne. Abin da bai cika canzawa ba shi ne tazarar da ke tsakanin fitar ƙwai da haila mai zuwa, wadda yawanci kwana 12 zuwa 14 ce, shi ya sa ake cire 17 daga tsawon zagayen don sanin ranar fara gwaji. A wurinta rana ta 15 ce, tana ƙirgawa daga ranar farko ta jinin haila, ba daga ranar da ta yi wanka ba, kuma nan ma mata da yawa sukan ruɗe. Da ta gyara, tsinken ya nuna a rana ta 17. Zafinta, wanda ya tsaya tsakanin 36.3 da 36.4 tun daga rana ta 13 zuwa ta 18, ya hau 36.6 a rana ta 19, sannan 36.7 a ranakun 20 da 21. Ƙa'idar karatun ita ce a sami awo uku a jere waɗanda suka ɗara shidan da suka gabace su, na ukun kuma ya ɗara mafi girmansu da aƙalla 0.2. Nata ya cika wannan, don haka ƙwan ya fita wajen rana ta 18, kuma ranakun 16, 17 da 18 ne suka fi dacewa. Ga wadda mijinta matafiyi ne, ko wadda ke gidan da ake rabon kwana, sanin wannan tun wata guda kafin lokacin ya fi mata amfani a kan albishir na kwana ɗaya.

Kuskure na biyu yana wurin karanta tsinken. Wadda ta saba da gwajin ciki ta san cewa layi biyu, ko da na biyun dishi-dishi ne, yana nufin akwai ciki, sai ta ɗauko wannan fahimtar ta ɗora a nan. Ai LH ba ya rabuwa da jiki, ana samunsa kaɗan-kaɗan kusan kullum, saboda haka layin T, wato layin gwaji, idan mai haske ne ba ya nufin komai. Sai ya yi duhu daidai da layin C, wanda ake kwatanta shi da shi, ko ya fi shi, sannan za a ce ya nuna. A karanta shi cikin mintunan da takardar kwalin ta faɗa, domin launin yakan canza idan ya bushe. An fi son gwaji tsakanin hantsi da magariba, bayan an rage shan ruwa na kamar awa biyu, saboda fitsari mai ruwa-ruwa yana ɓoye sinadarin. Wasu matan hawan LH ɗinsu gajere ne ƙwarai, ba ya cika yini, kuma irinsu gara su gwada sau biyu a rana idan layin ya fara duhu. Tsinkayen ma ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, don haka a watan Afrilu kada a bar su a mota ko a bakin taga.

Akwai kuma ɗaukar tsinke a matsayin tabbaci. Abin da ya nuna kawai shi ne jiki ya ba da umarnin sakin ƙwai, kuma wani lokaci umarnin yakan zo ƙwan bai fita ba. Mace mai larurar PCOS, wadda ke rikita sinadaran jiki da sakin ƙwai, tana iya ganin layi mai duhu kwanaki da yawa a jere, ko sau biyu sau uku a zagaye ɗaya, saboda LH ɗinta dama yana sama. Haka yakan faru ga wadda ta kusa daina haila, da wadda aka yi wa allurar sinadarin ciki don fitar da ƙwai, da mai ƙaramin ciki, da wadda ta gwada tana cikin shan kulomifin, maganin da ke sa a saki ƙwai. A nan ne jadawali yake raba gardama: idan tsinke ya nuna amma kwana uku ko huɗu suka wuce zafi bai motsa ba, a ci gaba da gwaji, kada a ɗauka an gama.

Shi kansa awon zafin yana da sharuɗɗa masu tsauri. Ana yinsa ne da farkawa, kafin a sauko daga gado ko a sha ruwa, bayan barcin aƙalla awa uku ba yankewa, da ma'auni guda, a ƙarƙashin harshe, kuma a lokaci ɗaya kullum. Awon hammata bai isa ba, saboda bambancin da ake nema ƙanƙane ne. Wadda ke tashi sallar asuba ta auna kafin ta je alwala, ba bayan ta koma barci ta tashi da hantsi ba, kuma a watan azumi ta mai da awon lokacin tashin sahur. Zazzaɓin cizon sauro, mura, ko daren da yaro ya hana barci duk suna iya ɗaga awon, sai a rubuta dalilin a gefen ranar, a cire ta daga lissafi. Awo ɗaya da ya yi sama ba hujja ba ne.

Jadawalin da aka cika da kyau yana faɗin abubuwan da tsinke ba zai taɓa faɗi ba. Idan zafi ya zauna a sama har kwana 18 ba haila, lokacin gwajin ciki ya yi. Idan kwanakin da ke tsakanin hawan zafi da haila ba sa kai 10 wata bayan wata, ko kuma zagaye uku suka wuce ba a ga hawa ba sam, a tafi da takardar wurin likitan mata. Haka nan ma'auratan da suka shekara suna nema ba a dace ba, ko wata shida idan matar ta haura shekara 35, su je tare, domin tsinke da jadawali ba sa nuna toshewar bututun mahaifa, kuma ba sa faɗin komai game da maniyyin miji.