"A taƙaice, amma kada a bar kowa": kurakuran masu ba da aikin rubutu

Wani Alhaji ya taɓa zuwa shagona da takarda cike da sunaye, yana son sanarwar ɗaurin auren 'yarsa da za a karanta a rediyo. Kuɗin minti ɗaya zai biya. Ya ce, "Malam, ka yi mini ita a taƙaice, amma fa kada ka bar sunan kowa." Da na ƙirga sai na ga sunaye 30, kusan kowanne da sarautarsa ko muƙaminsa.

Umarni biyu ya ba ni masu cin karo da juna, bai kuma lura ba, domin a ransa kowanne gaskiya ne. Yana son rangwamen kuɗi, yana kuma gudun ɓacin ran dangi. Kuskuren da aka fi yi ke nan, kuma tushensa kalmar "a taƙaice" ce, wadda ba ta da mudu. Abin da wani zai kira gajere, a wurin wani shafi guda ne. Gyaran shi ne a mayar da kalmar lissafi: minti nawa, layi nawa, kalma nawa.

Sai na ɗauko waya na kunna agogo, na karanta wata tsohuwar sanarwa a gabansa da irin natsuwar masu karanta sanarwa. Minti ya cika ina kan kalma ta 130 ko kusa da haka. Abin da ba makawa sai ya shiga, wato iyalai biyu, ango da amarya, rana, lokaci, masallaci da addu'ar rufewa, ya ci kalma 60. Saura 70. Suna ɗaya da Alhajinsa da sarautarsa yakan ci kalma biyar, sunaye 30 kuwa kalma 150 ke nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum 14 kawai wurin zai ɗauka." Ya yi shiru yana kallon takardar. Da baki na faɗa masa ba za ta yiwu ba, da sai mu yi ta musu har la'asar.

Kuskure na biyu yana cikin "kowa" da "komai". Mai cewa a sa komai ya ƙi yin aikin da shi kaɗai zai iya, wato fifita wani abu a kan wani. Ni ban san wane ne waliyyin amarya ba, ban san wanda zai yi fushi har ya ƙi zuwa ba. Tambaya ɗaya nake yi a irin wannan hali: in wuri ya ƙure, wa za a fara cirewa? In kai ne mai ba da aikin, kada ka jira a tambaye ka. Ka ce, "Kada ta wuce minti ɗaya. Waɗannan goma dole su fito, sauran a haɗa su a ce da sauran 'yan uwa da abokan arziki." Wannan umarni ne da za a iya bi, a kuma duba a ga ko an bi shi.

Sau da yawa ma aiki biyu ne aka cusa cikin takarda ɗaya. Mai sauraren rediyo rana da wuri yake son ji. Dangi kuwa sunansu suke son gani. Haka muka yi da Alhaji: gajeriyar ta tafi rediyo da sunaye goma, cikakken jerin kuma ya hau katin gayyata da saƙon da aka tura a WhatsApp, inda tsawo ba ya ƙara ko sisi.

Mu masu karɓar aiki ma muna da namu laifin. Kunya takan hana mu cewa umarnin ya ci karo, sai mu yi dabara. A kati a matse rubutu ya koma kamar tururuwa, har dattijo ya kasa karantawa ko da tabarau. A rediyo mai karatu ya yi ta gudu har a kasa gane ranar auren. Ko kuma, wanda ya fi muni, marubuci ya zaɓi sunayen da kansa. Na taɓa yin haka tun ina sabon shiga, na cire wani suna don ba shi da sarauta, ashe baffan amarya ne, shi zai ba da auren. Sai da aka sake buga katin da kuɗina.

Akwai lokacin da ba a iya sulhunta umarnin. In mai biki ya dage sunaye 30 sai sun fito a rediyo, kalma 210 ake magana, sai ya biya kuɗin minti biyu.