Yadda ake haɗa hashtag da emoji ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba

A ce kina sayar da turaren wuta, kin ɗauki hoto za ki ɗora a Instagram. Ga yadda za ki tsara rubutun da ke ƙarƙashinsa.

Fara da maganar kayan. Instagram yana nuna farkon rubutu ne kawai, wajen haruffa 125, sauran sai an latsa "more". Wannan ɗan wurin na sunan kaya ne da farashi da garin da kike. Emoji ɗaya a ƙarshen jimla ya isa, kada ya zauna a madadin kalma, domin mai neman turare "turare" zai rubuta a wurin bincike, ba hoton wuta ba.

Daga nan ki sauko layi, ki jera hashtag uku zuwa biyar. Nan ne aka fi yin kuskure. Tun 2015 Instagram yake karɓar emoji a cikin hashtag, saboda haka #TurarenWuta🔥 da #TurarenWuta shafuka biyu ne daban. Wanda aka manna wa emojin kusan ba mai leƙa shi, kin kai kayanki rumfar da ba a bi ta gabanta. A X kuwa hashtag yana tsayawa ne daidai inda emoji ya fara, don haka #Turaren🔥Wuta zai koma #Turaren kawai, kuma kowane emoji yana cin gurbin haruffa biyu cikin 280. Maganin duka biyun ɗaya ne: ki bar tazara tsakanin hashtag da emoji.

```
Turaren wuta na Maiduguri, ana aikawa daga Kano 🔥

#TurarenWuta #KayanƘamshi #Kano
```

Ki lura da ƙ ɗin nan: #KayanƘamshi ba ɗaya yake da #KayanKamshi ba, sai ki binciko kowanne ki ɗauki wanda aka fi amfani da shi. Alamar hamza ma tana yanke hashtag, #sana'a zai tsaya a #sana.

Bayan kin ɗora, ki latsa kowane hashtag ki ga inda ya kai ki. Idan rabin kalmar ne kawai ya canja launi, ya karye, sai ki gyara.

Batun yaɗuwa fa? Kada ki sa rai da yawa. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya sha faɗa cewa hashtag ba ya ƙara yawan masu gani sosai, aikinsa nuna abin da hoton ya ƙunsa ne da taimaka wa bincike, kuma a Disamba 2024 aka cire damar bin hashtag. Emoji shi kuma ido yake tsayarwa. Idan ya yi yawa, makafi masu manhajar karanta allo za su saurari sunan kowanne ɗaya bayan ɗaya. In asusunki na kasuwanci ne, ki ɗora kaya iri ɗaya a lokaci iri ɗaya, wani mako da emoji, wani babu, ki kwatanta adadin waɗanda ba mabiyanki ba a "View insights".