Darasi na Bakwai: Ragin Kuɗin Haya Idan Shago Ya Daina Amfanuwa

Mai haya amfanin wuri yake saya. Idan gobara, ambaliya ko dokar kulle irin ta korona a 2020 ta hana shi wannan amfani, wa zai ɗauki asarar?

A fara duba takardar yarjejeniya. Wasu takardun suna ɗauke da sharaɗin abin da ya fi ƙarfin mutum. Sharaɗi mai kyau yakan ambaci masifun da sunansu, ya faɗi ko za a dakatar da haya ko a rage ta, da kwanakin da mai haya zai sanar a cikinsu. Idan an rubuta gobara da ambaliya kaɗai, wanda ya ba da hayar shagon zai iya cewa kulle ba ya ciki. In babu sharaɗin ko kaɗan, kotun da ke bin dokar Turawa ba ta saurin yafe haya. A fiƙihun Malikiyya kuwa, haya tana warwarewa idan wurin ya rushe, kuma littafin Muhtasar na Shehu Halilu ya ambaci umarnin sarki na rufe shaguna a cikin abubuwan da ke warware ta.

Mu ɗauki misali. Tela ya kama shago mai ɗaki biyu a Sabon Gari, ya biya naira 360,000 na shekara, wato 30,000 a wata. Wuta ta taso daga shagon maƙwabci ta cinye rufin. Wata uku bai buɗe ba: 90,000 ke nan. Daga nan aka gyara rufin ɗaki ɗaya, ya yi wata biyu yana aiki a rabin wuri. In ɗakunan darajarsu ɗaya, ragin 15,000 ne a wata, wato 30,000. Jimla 120,000. Da yake a Zariya hayar shekara ake yawan biya tun farko, da wuya kuɗin su dawo hannu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ƙara masa wata huɗu, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu.

Tun ranar da abin ya faru, tela ya ɗauki hotuna, ya nemi rahoton 'yan kwana-kwana, ya aika wa mai shago takarda mai kwanan wata, ya ajiye kwafi. Maganar baki a bakin masallaci ba ta zama hujja.

Abu uku ke ɓata magana. Idan wutar daga dutsen gugar tela ta tashi, sakacinsa ne, babu ragi, wataƙila ma ya biya gyara. Idan shago lafiyarsa lau, ciniki ne ya ja baya, nan ma babu. Sai wanda ya daina biya don kansa alhali makulli da kayansa suna ciki: wannan bashi yake tarawa, kuma ya ba mai shago dalilin ba shi takardar tashi.

Aikin gida: Hayar ɗaki naira 120,000 ce a shekara. Ruwan kogin Kubanni ya shiga, an yi wata biyu ba a kwana ciki ba. Nawa ne ragin?