Yadda Ake Gwada Farashin Yadin China da na Dubai Kafin a Biya

A ce kana da shago a Kantin Kwari, an turo maka farashi biyu na yadi iri ɗaya. Na Guangzhou yuwan 14 kowace mita, faɗinsa santimita 150. Na Dubai kuwa dirhami 6 kowane yadi, faɗinsa inci 44. Ido zai ce 6 ta fi 14 araha, amma ba a fara lissafi ba tukuna.

Da farko mayar da su duka dala, kada ka yi saurin zuwa naira. Dirhami a ɗaure yake da dala, 3.6725 ne dala ɗaya tun 1997, don haka dirhami 6 ya kama dala 1.63. Yuwan yana motsi, sai ka duba farashinsa na ranar. Mu ɗauka 7 ne dala ɗaya: mitar China ta kama dala 2.

Sai tsawo. Yadi bai kai mita ba, mita 0.9144 ne. Ninka dala 2 da wannan, yadin China ya zama dala 1.83. Har yanzu Dubai ce da araha, da santi 20.

A nan yawancin mutane ke ajiye lissafi su tura kuɗi, alhali ba su dubi faɗi ba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, inci 44 kenan wajen santimita 112. Wato idan ka shimfiɗa bandir biyun a kan tebur, na China zai zarce ɗan'uwansa da santimita 38. Mayar da kowanne murabba'in mita. Na China, raba dala 2 da 1.5, ka samu 1.33. Na Dubai, yadi ɗaya ya ba ka murabba'in mita 1.02, ya tsaya a kan dala 1.60. Reshe ya juye da mujiya, China ta sauko da santi 27. Sai dai fa idan masu sayenka yadi kawai suke ƙirgawa, ba sa ƙara ko kwabo saboda faɗi, to lissafin yadi ne naka. Tela kuwa ya san bambancin, don mai faɗi ya fi auki a wurin yanka.

Daga nan duba haruffan da ke gefen farashin. FOB na nufin mai kaya ya ɗora maka a jirgin ruwa, kuɗin jigila da inshora a wuyanka suke. CIF ya haɗa su har tashar da aka rubuta, misali Apapa. Kuɗin kwastan da dakon mota zuwa Kano duk naka ne a kowanne. Nemi dukansu su ba ka farashi a kan sharaɗi ɗaya.

Naira ce ta ƙarshe. Yi amfani da farashin da za a sayar maka da dala a banki ko Wapa a ranar, ba na saye ba, ka ɗora ladan tura kuɗin. In dala ₦1,500 ce, santi 27 ɗin nan ₦405 ne a kowane murabba'in mita.